Tambarina da babbar rigar Alhaji

Ranar da na ga hoton babbar rigar da na kwana uku ina yi wa aiki a sitatus ɗin wani tela, har ya rubuta "aikin hannunmu" a ƙasa, na rantse ba zan ƙara sakin hoto ba tambari ba.

Da zafina na buɗe Canva, manhajar tsara hotuna, na ɗauko tambarin shagona na dasa shi a tsakiyar ƙirjin rigar. Ashe hoton tambarin nau'in JPG ne, shi kuwa ba ya zuwa sai da farin akwatinsa a baya. Rigar ta fito kamar an manna mata filasta, aikin wuyan da nake taƙama da shi duk ya ɓuya. Ba a yi minti goma ba wani kwastoma ya turo saƙo: "Malam, nawa ce idan an cire allon?"

Kunya ta sa na koma ɗaya gefen. Na ƙanƙance shi kamar ƙwayar gero, na kai shi can kusurwa, na ja Transparency, wato ma'aunin dusashe hoto, ƙasa zuwa 10. Farin tambari a kan farar shadda! Ni da na sa shi ma sai da na nemo tabarau. Ɓarawon ko wahalar gogewa bai yi ba, gefen hoton ya datse ya wuce abinsa.

Ƙanwata ce ta cece ni, bayan ta gama dariyarta. Ta ce, "Yaya, kawo wayar nan." Ta nemo tambarin a PNG marar bango, ta yi shi kala biyu: fari don yadi mai duhu, baƙi don mai haske. Faɗinsa ta bar shi kusan kashi ɗaya cikin takwas na faɗin hoton, Transparency kuma 40, yadda za a karanta sunan amma zaren shaddar na lekowa ta ƙarƙashinsa. Ta goge lambar waya da adireshin da na cusa, wai WhatsApp na matse hoto, siririn rubutu sai ya dagule. Wurin zamansa ne ya fi burge ni. Ta ɗora shi a ƙasan hannun rigar, rabi kan yadi rabi kan bango, nesa da aikin wuya. Duk mai son datse shi sai ya haɗa da hannun riga.

Sai ta tura ni waje cikin rana, na miƙe hannu da wayar. In na karanta sunan ba tare da na runtse ido ba, kuma rigar na fara gani kafin tambarin, to ya zauna.

Ya kuwa zauna, har ya so ya wuce gona da iri. Da Alhaji mai rigar ya zo karɓa, sai ya yi ta juya hannunta yana dubawa, ya ɗago ya ce, "Ina ɗan zanen nan da na gani a hoto? Ko shi kuɗinsa daban ne?"