Ranar da na goge layi

Wayata ta cika har ta daina ɗaukar hoto, sai na sa mata memori mai 64GB. Na shiga Files, na zaɓi DCIM inda hotuna suke zama, na danna Move maimakon Copy, wato ban bar ko ɗaya a wayar ba. Manhajoji kuwa ta Settings, Apps, Storage, Change ake bi, amma uku kaɗai suka yarda su tashi, sauran ko maɓallin babu.

Da safe wayar ta suɓuce ta bugi ƙasa. Ina ɗauka sai ga "SD card not detected", manhajojin nan uku sun koma ruwan toka.

Ban nuna tsoro ba, don surukina yana zaune. Na kashe wayar, na tsokano mazaunin katin da tsinke, na ɗauki busasshen ƙyalle ina goge gefen mai ruwan zinare. Har bayani nake yi, wai datti ne ke hana katin haɗuwa da ƙarafunan ciki, wai kada a sa ruwa, kada a kankare. Na goge, na ɗaga sama na duba, na sake gogewa. Kusan minti goma.

Sai ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai layinka kake gogewa."

Memorin yana kan cinyata tun lokacin da na zaro mazaunin.

Surukina bai yi dariya ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ƙyale shi, layin ma yana buƙata." Mutumin da har yau cajata ke gidansa! Shi ne kuma ya miƙo tsohuwar wayarsa wai a gwada katin. Ta nuna ba ta gane shi ba, ta kawo Format. Yana ta "danna mana, Yaya", yatsana ya kusa sauka yaron ya riƙe min hannu. Format share komai yake yi. Ashe wayar surukin memorin da bai wuce 32GB ba kawai take karantawa, mai tsarin ajiye fayil na FAT32, nawa kuwa tsarinsa exFAT ne, saboda haka ƙin da ta yi ba shaidar lalacewa ba ce.

Yaron ya kwantar da katin a raminsa, ɗan lanƙwason gefen ya dace da na mazaunin, zinaren yana kallon ƙasa, ya tura a hankali ya kunna. Faɗuwar ce kawai ta gusar da shi. Hotuna suka dawo, manhajoji suka yi kala. A daren na kwafe DCIM zuwa kwamfuta, da Copy.

Surukina ya tafi da tsinken.