Ribar FIFO ba ƙarin kuɗi ba ce

"Akantanmu ya ce FIFO ta fi kawo riba, shin mu bar matsakaicin farashi?"

FIFO da matsakaicin farashi hanyoyi biyu ne na lissafa nawa aka kashe a kan kayan da aka sayar. Ribar takarda ce kawai take canzawa, kuɗin aljihu suna nan yadda suke. Ɗauki misali: ka sayi kaya 100 a kan 10 kowanne, daga baya ka ƙaro 100 a kan 14, sannan ka sayar da 100 a kan 20.

A FIFO, ana ɗauka kayan da suka fara shigowa su suka fara fita, don haka kuɗin da aka sayo kayan da aka sayar 1,000 ne, riba 1,000. A matsakaicin farashi kuwa, an kashe 2,400 a kan kaya 200, kowanne ya tsaya a 12, riba ta koma 800.

To ina 200 ɗin? Tana cikin ragowar kaya: FIFO ta ƙiyasta su 1,400, ɗayar hanyar 1,200. Ranar da aka sayar da su, jimillar ribar ɗaya ce. Abin lura, inda ake biyan haraji kan riba, FIFO na sa ka biya da wuri muddin farashi na hawa. Idan yana sauka, lamarin juyawa yake.