Kulle hira a WhatsApp ba shaida ba ce

Tun jiya nake ganin kuna yaba wa mutumin nan da ya tura matarsa gida don ya ga ta kulle hira a WhatsApp. Wai namiji ne. Raina ya ɓaci, wallahi. Ko buɗe hirar bai yi ba fa, kullen kawai ya gani ya yanke hukunci.

Ku san yadda abin yake aiki tukuna. A watan Mayu 2023 WhatsApp ya kawo wannan kulle. Hirar da aka kulle tana komawa wani wuri mai suna Locked chats, sai ka ja jerin hirarraki ƙasa za ka gan shi. Idan saƙo ya shigo, ba a nuna sunan mai shi, ba a nuna abin da ya rubuta. Da me ake buɗewa? Da yatsa, ko da lambar da ake buɗe wayar da ita. To matar da mijinta ya san lambar wayarta, wa ta kulle wa? Ba shi ba. Yaran da ke karɓar wayar su yi wasa ta kulle wa, da ƙannen miji masu aron kira, da mai shagon caji inda wayar ke wuni idan babu wuta.

Kuma sau da yawa sirrin ma ba nata ba ne. Ƙanwarta ce ke kuka da halin nata mijin, ko ƙawa ta turo sakamakon asibiti, ko lissafin adashi ne. Amanar wasu take riƙe.

Za ku ce ai akwai lambar sirri da aka ƙaro a ƙarshen 2023, wadda ke ɓoye wurin gaba ɗaya sai an rubuta ta a wajen bincike. Na sani. Ita ma tambaya take jawowa, ba saki ba. Ka zaunar da ita ka ce, wance, me ke ciki? Wadda ta ce maganar Yaya ce, ba zan nuna maka ba amma kira ta ka ji, daban take da wadda ta fizge waya ta hau share-share. A nan ake gane gaskiya. Allah Ya hana mu bin diddigin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, bai kuma cire ma'aurata ba.

Ku kuma mata masu kwana ƙirga hotunan da miji ya danna wa so, Instagram ya cire shafin da ke nuna wannan tun 2019, X, wato tsohon Twitter, ya ɓoye nasa a 2024. Yanzu sai mace ta bi hotunan wata ɗaya bayan ɗaya tana neman sunansa, har ta buɗe shafi da sunan ƙarya. Datar da kike ƙonawa a wannan aikin, da kuɗin cefane aka saye ta.