Kafin Ka Kira Ɗan Mutane Ɓarawo Saboda Lambar Kwamfuta

'Yan'uwana malamai, musamman matasa da suka shigo aikin nan a 'yan shekarun nan, abin da na gani a makon jiya a wata babbar makaranta a nan Katsina ne ya hana ni yin shiru. Wani abokin aikina ya ba 'yan ajinsa jinga da Turanci a kan kwararowar hamada, ya zuba rubuce-rubucen a manhajar da ake cewa tana gane abin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, sai ta ɗora wa aikin wata ɗaliba kashi 87 cikin ɗari na alamar rubutun inji. Yarinyar irin waɗanda sai zango ya ƙare ba ka ji muryarsu ba ce. Da ya kira ta ofis ya juya mata fuskar kwamfuta, ba ta yi musu ba, ba ta yi rantsuwa ba, sunkuyar da kai kawai ta yi, ta zaro littafin rubutu daga jaka ta ajiye a gefen tebur. Da ta fita ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga ko kare kanta ta kasa yi." Na ce masa a garin da ake yi wa mutanensa kirari da kunya gare ku ba dai tsoro ba, bai kamata a ɗauki shirun yarinya a gaban malaminta a matsayin amsa laifi ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muka mayar da wannan lamba alƙali, alhali yawancinmu ba mu san abin da take aunawa ba. Tsohuwar manhajar gano satar rubutu tana nuna maka inda aka ɗauko, ka buɗe ka gwada da idonka. Wannan kuwa ba ta da wani asali da za ta nuna maka, domin kintace take yi. Tana duba yadda kalmomi ke bin juna, idan kowace kalma ita ce wadda aka fi tsammani a gurbinta, jimloli kuma tsawonsu kusan ɗaya, sai ta ce wannan ya yi kama da aikin inji. To, wane ne yake rubutu haka? Ɗanmu ne da ya koyi Turanci a aji, wanda aka horar da shi tun sakandare ya fara da gabatarwa ya rufe da kammalawa, kuma yake tsoron kalmar da bai tabbatar da ita ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai a kan rubuce-rubuce 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta da kansu, sai aka jingina wa inji kimanin kashi 61 cikin ɗari, alhali rubutun yaran Amurka kusan duka an gane na mutum ne. Kamfanin OpenAI ma, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu a nan muna rantsuwa da abin da masu shi suka ajiye.

Ko da an ce manhaja sau ɗaya kawai take kuskure a cikin ɗari, malamin da ke da ɗalibai 300 da jinga huɗu a zango ya tara rubutu 1,200, wato sau 12 ke nan zai iya tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba.

Na roƙe shi mu buɗe littafin, shi kuma ya kawo hanzarin da ba zan raina ba, cewa yaro na iya buɗe waya ya kwafe da biro, don haka rubutun hannu shi kaɗai ba shaida ba ne. Gaskiyarsa, sai dai kwafe da ƙirƙira ba sa barin sawu iri ɗaya. Mai kwafe shafinsa tsaf yake fita, kuskurensa kuma na ido ne, ya tsallake layi ko ya maimaita kalma. Mai tunani da kansa kuwa shafinsa kaca-kaca yake. A littafin yarinyar nan mun tarar da zubi uku. A na farko ta fara jimla sau biyu tana sokewa, a gefe kuma ta rubuta da Hausa, "wannan ya koma ƙasa, bayan maganar sare itatuwa," ta ja kibiya, a zubi na biyu kuwa sakin layin yana daidai inda kibiyar ta nuna. Ta kawo misalin gonar kakanta a wajen Daura da rairayi ya cinye wa gefe, ta soke shi a na biyu, ta dawo da shi a taƙaice a na uku. Akwai wurin da biro ya ƙare aka ci gaba da baƙi. Sannan muka jera zubi na uku da wanda aka buga, jimla bayan jimla, muka ga bambancin bai wuce gyaran 'yan kalmomi da waƙafi ba, irin wanda mai shagon buga takardu kan yi.

Saura abu guda da ba ya cin ko sisi, wato tambaya. Washegari ya kira ta, ya rufe littafin, ya ce, "Malama, me ya sa kika cire gonar kakanki, kika sake dawo da ita?" Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, na ji tsoron kada a ce ba daga littafi na samo ba, sai na ga in babu ita maganar ba ta zauna ba." Gani ya kori ji. Duk abin bai kai minti arba'in ba.

Minti arba'in ɗin nan ne muke ƙyashin bayarwa. Malami zai ɓata awa biyu yana lissafin wanda ya sayi takardun darasinsa da wanda bai saya ba, ko ya kwashe mako uku bai leƙa aji ba saboda yana koyarwa a makarantu uku, amma ba shi da lokacin buɗe littafin ɗalibin da yake shirin tura wa kwamitin ladabtarwa. Wani ma da ƙirƙirarriyar basirar yake haɗa tambayoyin jarrabawarsa, sannan ya zo yana zare wa yara ido. Ban ce ɗalibai ba sa sata ba, suna yi ƙwarai, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma tun a makarantar zaure aka koya mana cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yanzu mun juya al'amarin, inji ya yi zato, yarinya ce za ta kawo shaidar wanke kanta, idan Allah bai sa ta adana takardunta ba shi ke nan sunan ɓarauniya ya bi ta har gidan ubanta. Mai baki zai yi hayaniya ya kira wani babba a waya a sake duba lamarinsa, mai kunya kuwa sai dai ta haɗiye.

Malaman da suka koyar da mu sun san rubutun hannun kowannenmu kamar yadda suka san fuskarsa, kuma idan ka kawo abin da ba naka ba, layi biyu za su karanta su ɗago kai su dube ka. Wannan gari da ya yi suna da ilimi tun zamanin Gobarau, yau malaminsa bai san salon ɗalibinsa ba sai ya tambayi kwamfuta. Ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane, ku daina yi wa rogo kallon kitse.

Abokin nawa ya ba ta makinta, ta ce, "Na gode, Malam," ta ɗauki littafinta ta fita. Da na leƙa takardarsa sai na ga akwai wasu sunaye shida da ya riga ya ja wa jan layi tun ranar farko, ya ce mini zai neme su idan an dawo daga hutu.