Idan sun ce ba su ɗauke ka ba, kada ka yi zuciya, kada kuma ka yi roƙo

Akwai ɗabi'u biyu da muka taho da su daga gida, waɗanda nake ganin suna cutar da 'yan uwanmu masu neman aiki a nan Birtaniya. Ta farko ita ce zuciya. An yi wa mutum intabiyu, bayan mako guda imel ya shigo cewa an zaɓi wani, sai ya ce ba rabona ba ne, ya goge saƙon, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ta biyu ita ce magiya: ranka ya daɗe, a dubi Allah a taimaka, ina da iyali, bizata ta kusa ƙarewa. Na fahimci inda kowacce ta samo asali, kuma ban raina mai yin ta ba. Amma a nan dukansu asara ce, domin mutumin da ya aiko maka da wannan labari mara daɗi yana cikin 'yan tsirarun da suka riga suka san ƙwarewarka, kuma gobe ma wani gurbin zai faɗo hannunsa.

A gida, sau da yawa ba ma a faɗa maka an ƙi ka. Ka kai takardu, ka yi jarrabawa, sai dai ka ji a gari cewa waɗanda aka ɗauka har sun kama aiki. Wanda yake son a tuna da shi kuwa, kamun ƙafa yake yi: ya nemi wanda ya san wani, ya riƙa zuwa gaisuwa, ya riƙa tura barka da Juma'a. Can wanda ke da ikon ɗauka alfarma yake yi maka, shi ya sa ake ƙasƙantar da kai a gabansa. Mai ɗaukar ma'aikata a nan ba alfarma yake yi ba. Sana'arsa ke nan, da ita yake ci.

Iri biyu ne. Akwai wanda ma'aikacin kamfanin ne da kansa, albashi ake biyansa don ya cike guraben wannan kamfani kaɗai. Akwai kuma na kamfanonin dillancin aiki, wanda yake yi wa kamfanoni da dama farautar ma'aikata. Shi wannan tamkar dillalin kara ne: sai ciniki ya faɗa yake samun la'ada, kuma ba daga aljihunka take fitowa ba. Dokar Birtaniya ta 1973 kan kamfanonin dillancin aiki ta hana su karɓar kuɗi daga mai neman aiki don sun samo masa aiki, in ban da 'yan sana'o'i kamar wasan kwaikwayo da tallan tufafi. Kamfanin da ya ɗauke ka shi ke biya, galibi wani kaso na albashinka na shekarar farko. A ce an yi yarjejeniya kan kashi 20 cikin ɗari, albashin kuma fam 35,000 ne, to fam 7,000 ke nan ta shiga wa kamfanin dillalin ranar da aka daidaita. Ka ga kenan wanda ya kai zagayen ƙarshe na intabiyu aka bar shi da ƙyar, ba abin tausayi ba ne a idon dillali. Mutum ne da an riga an tantance shi, an ji bakinsa, an san ba zai kunyata wanda ya gabatar da shi ba. Samun irinsa wahala ne da shi.

Bari in kawo misalin da na gani da idona. 'Yar wani aminina ce daga Zariya, ta yi digiri na biyu a nan, tana neman aikin akanta a Leeds. Wata dillaliyar aiki ta gabatar da ita ga wani kamfanin gine-gine, ta yi intabiyu zagaye biyu, sai aka ce an ɗauki wanda ya fi ta daɗewa a kan harkar biyan albashi. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Kawu, ni dai na haƙura da su, ko amsa ba zan ba ta ba." Na ce mata, "'Yar nan, yau ki huta, kada ki rubuta komai da zafin rai. Gobe da safe mu zauna." Saƙon da ta tura da Turanci ne, amma ga abin da ya ƙunsa:

"Na gode da kika sanar da ni, da kuma yadda kika shirya ni kafin zagaye na biyu. Na so wannan aiki, don haka ban ji daɗi ba, amma na fahimci dalilin zaɓinsu. Idan manajan ya faɗi wani abu guda da ya kamata in ƙarfafa, zan so in ji. Har yanzu ina neman aikin mataimakiyar akanta a Leeds ko Bradford, albashi daga fam 28,000, kuma zan iya farawa bayan na ba wurin aikina sanarwar wata guda. Ina da izinin aiki har zuwa watan Satumban baɗi, bayan nan zan buƙaci kamfanin da zai ɗauki nauyin bizata. Na amince ki ci gaba da ajiye bayanaina, ki tuntuɓe ni idan wani gurbi ya fito."

Iyakarsa ke nan. Kowace jimla a ciki da aikin da take yi.

Godiyar ba ta baki ba ce kawai, ta kama abu takamaimai da matar ta yi mata, don ta san ba saƙon da aka kwafo aka watsa wa kowa ba ne. Ta faɗi cewa ba ta ji daɗi ba, sau ɗaya, ta wuce. Na dage a kan ta bar wannan jimlar, domin wanda ya nuna kamar ko a jikinsa, ana iya ɗauka dama can bai damu da aikin ba. Tambayar da ta yi kuma ƙarama ce, abu guda. Idan ka ce a yi maka cikakken bayanin dalilin da ya sa aka ƙi ka, yawanci amsar da za ka samu ta gama-gari ce, domin kamfanoni suna tsoron kada wata kalma ta zama hujjar ƙarar nuna wariya a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010. Amma abu guda da za a ƙarfafa, wannan dillali yakan faɗa, musamman ta waya.

Tsakiyar saƙon shi ne ƙashin bayansa, kuma nan ne mutanenmu suka fi jin nauyi. A gida, ka faɗi albashin da kake so tun ba a ba ka aikin ba, sai a ce ka cika zalama. Mun saba da cewa "ko wane irin aiki ne ina so". A nan wannan jimla ba ta taimaka wa kowa. Dillaliyar da ke da mutane ɗaruruwa a na'urarta, idan gurbi ya fito, da sunan aiki da gari da albashi take bincike. Wanda ya ce komai ma yana so, ba zai fito a binciken komai ba. Haka maganar biza. Na san masu ɓoye ta don tsoron kada a guje su, sai an kai ga ba da aiki sannan a gano kamfanin ba shi da lasisin ɗaukar nauyin baƙon ma'aikaci. Ranar nan dillaliyar ta yi asarar la'adarta, ta ji kunya a gaban kamfanin, kuma da wuya ta sake ɗaga waya ta kira ka. In ka faɗa tun farko, sai ta kai ka inda za a iya.

Jimlar ƙarshe ita ce wadda ba mu da kwatankwacinta a al'adar neman aiki ta gida. Dokar kare bayanan jama'a a nan ba ta yarda kamfani ya riƙe takardunka fiye da lokacin da yake da dalilin riƙewa ba, shi ya sa da yawansu suke goge bayanan waɗanda ba a ɗauka ba bayan wata shida ko shekara. Idan ka rubuta da hannunka cewa ka amince a ajiye, ka sauƙaƙa musu barin sunanka a cikin jerin.

Ba kowane ƙi ne ya cancanci wannan saƙo ba. In tun a matakin tace takardu aka watsar da kai, imel ɗin ya fito daga adireshin da ya fara da `no-reply`, to babu mahalukin da zai karanta amsarka. Saƙon na wanda kuka yi magana da shi ne, ya san muryarka. A tura shi cikin kwana ɗaya ko biyu, a kan zaren imel ɗin da ya zo, tun ba a manta da fuskarka ba. Da sunansa na yanka za ka kira shi, yadda ya sa hannu a nasa saƙon. Mu da aka tarbiyyantar da cewa ba a kiran babba da gatsal, wannan yana mana nauyi a baki, amma tarin laƙabi a nan nisanta ka yake yi da mutum.

Dalilin gaggawar kuwa, wanda aka zaɓa ba lallai ne ya zo ba. Wani tsohon wurin aikinsa yakan ƙara masa albashi ya fasa tafiya, wani ya zo ya kasa wuce watannin gwaji. Kuma yawancin yarjejeniyoyin dillanci sun tanadi cewa idan sabon ma'aikaci ya tafi a makonnin farko, dillali zai mayar da wani kaso na la'adar ko ya kawo madadi. Wa kake jin zai fara kira?

Inda nake ganin mun fi mutanen nan shi ne abin da ke biyo baya. Mu mun iya riƙe mutum. An raine mu a kan cewa ba sai da buƙata ake neman mutum ba, kuma wannan jari ne babba a ƙasar da mutane ke mantawa da juna da zarar hulɗa ta ƙare. Gyara kawai yake so. Gaisuwar kowane mako da hoton furanni, wadda a gida alamar ladabi ce, a nan takura ce, kuma lambar wayar da aka ba ka don aiki ba ta gaisuwar dare ba ce. Abin da ke aiki shi ne ka nemi haɗuwa da shi a LinkedIn, sannan bayan wata biyu ko uku ka leƙo da labari. Yarinyar nan an ce mata rauninta harkar biyan albashi ce, sai ta roƙi wurin da take aikin wucin gadi su bar ta ta riƙa taya mai yin wannan aikin a ƙarshen wata. Da ta yi haka na wani lokaci, ta tura layi uku: ga abin da kika faɗa mini, ga abin da na yi a kai, ga sabuwar takardar bayanaina. Washegari matar ta kira ta kan wani gurbi a wani kamfani dabam. Ban ce kowa zai samu haka ba. Wasu dillalan ba za su amsa ko na farkon ba, wasu kuma sun bar aikin kafin wata ukun ya cika, domin sana'a ce da ake yawan sauya wuri. Idan ka tura sau biyu shiru, ka bar shi, ka nemi wani.

Abu ɗaya ne zan ja kunne a kai da ƙarfi, domin na ga ya ɓata dangantaka mai kyau. Idan dillali ne ya gabatar da kai ga kamfani, kada bayan an ƙi ka ka zagaya ta bayansa ka rubuta wa manajan kai tsaye kana neman wani gurbi. A gida wannan dabara ce, an samu ƙofa an shiga. A nan yarjejeniyarsu takan ce idan kamfanin ya ɗauke ka cikin wasu watanni bayan gabatarwar, sai ya biya la'adar ko ta wace hanya ka shigo. Manajan zai tura wa dillalin saƙonka, ko ya yi shiru don gudun rigima. In ka ga sabon gurbi a kamfanin, dillalin za ka rubuta wa, ka ce ka gani, ka tambaye shi ko zai sake gabatar da kai.