Annobar 1347 ba a guje ta iso ba, zango-zango ta bi

Duk sanda aka tashi zancen Hanyar Siliki, sai a zana mana layi ɗaya miƙaƙƙe daga Sin zuwa Turai, kamar akwai madugun da ke ɗaukar alharini a can ya sauke shi a nan. Ni dai ban yarda da wannan zanen ba. Mafi yawan fatake yankinsu kawai suke ci, su sayar a Kashgar ko Samarkand, wani ayarin ya ɗora daga nan. Addini ma haka ya yi tafiya, cuta ma haka.

Hujjata wasu maƙabartu biyu ne a kwarin Chu, kusa da tafkin Issyk-Kul a Kirgistan ta yau. Kiristocin Cocin Gabas ne a kwance a wurin, duwatsun kaburburansu kuma da rubutun Siriyanci, yaren ibadar da ya taso tun daga yankin Iraƙi da Sham. Ba abin mamaki ba ne, domin wannan cocin ta isa babban birnin Sin tun 635, ta hanyar da 'yan kasuwa ke bi. A cikin kaburburan an samu murjani da lu'ulu'u, kayan teku a ƙasar da babu teku ko kusa.

To ga inda hankalina ya tsaya. Duwatsun da ke ɗauke da shekarun 1338 da 1339 sun yi yawa fiye da kima, wasu ma an rubuta ƙarara cewa annoba ce ta kashe mai kabarin. A 2022 masana suka binciki haƙoran wasu daga cikin mamatan, suka samu ƙwayar Yersinia pestis, wadda ta haddasa Baƙar Annoba, wato annobar nan da ta iso Turai a 1347.

Ku lura da lissafin. Sai 1346 aka ji ta a Kaffa, tashar jiragen ruwa a bakin Baƙin Teku, sannan Iskandariyya ta Masar da Messina ta Italiya a 1347. Kusan shekara takwas ke nan a kan tudu, amma da ta hau jirgin ruwa shekara ɗaya ta ishe ta. Dalili kuwa, cutar nan cikin 'yan kwanaki take kashe mutum, majinyaci ba zai kai ta nesa a bayan raƙumi ba. Sai ƙuma ta kai ta ga ɓerayen wani zango, ta zauna, ta jira buhun hatsi ko ƙunshin fata na gaba.

Shi ya sa labarin nan da ake so, wai sojojin Mongol da suka yi wa Kaffa ƙawanya sun riƙa cilla gawarwakin masu annoba cikin ganuwarta, har cutar ta yaɗu daga nan, bai cika gamsar da ni ba. Wanda ya rubuta shi yana Italiya lokacin, ji ya yi. Na fi zargin jiragen hatsin da suka ci gaba da tashi daga wannan gaɓar bayan an sasanta rikicin.