Jarrabawar baka kan gaskiya huɗu na addinin Budda: jero su kaɗai bai isa ba

Masu koyar da nazarin addinai da ɗalibanmu, da ku nake. Amsoshin gwaji da ake raba wa ɗalibai kan gaskiya huɗu na Budda galibi jeri ne kawai: akwai wahala, wahala tana da sanadi, tana da ƙarshe, akwai hanyar kaiwa ga ƙarshen. Ɗalibi ya haddace, ya zo ya karanto, a ba shi maki cikakke. A ganina rabin maki ya cancanta, domin huɗubar da maganar ta fito daga cikinta ba a nan ta tsaya ba.

Bisa littattafan mabiyansa na harshen Fali, Budda ya yi wannan huɗuba ne a dajin barewa na Sarnat, kusa da Baranasi a arewacin Indiya, ga wasu masu zuhudu 5 da suka taɓa zama abokan tafiyarsa. Kowace gaskiya sai da ya ɗaura mata aiki. Wahala a fahimce ta sarai, sanadinta a rabu da shi, ƙarewarta a gan ta da kai, hanyar kuma a raya ta da aiki. Sannan kowace tana da mataki 3: sanin ita kanta, sanin aikin da take buƙata, da sanin cewa an gama aikin. Huɗu sau uku, 12 ke nan. Don haka tambayata ta farko ita ce: "Me ake so mabiyi ya yi da gaskiya ta farko?" Wanda ya ce a guje wa wahala ya kauce, domin rabuwa aikin ta biyu ne. Da wannan 'yar tambaya ake gane wanda ya karanta da wanda ya haddace.

Ta biyu: "Mutum yana cikin ƙoshin lafiya da wadata, ina wahalarsa?" Amsa mai kyau za ta kawo kashi 3 da mabiya Budda suke kasa wahala. Akwai zafin da kowa ya sani, kamar ciwo da rashin masoyi. Akwai wahalar sauyi, wato daɗin da kake ji yanzu ba zai dawwama ba. Akwai kuma wadda ta fi zurfi, cewa duk abin da sabubba suka haɗa ba shi da tabbacin da za a dogara da shi. Mai wadatar nan yana cikin ta biyu da ta uku ko da bai ji a jikinsa ba.

Tambayar da na fi ƙauna ita ce ta uku, kuma a kanta nake son a daɗe. "Idan kwaɗayi ne sanadin wahala, son kaiwa ga nibbana, wato ƙarewar wahala, ba shi ma kwaɗayi ba ne?" A nan ɗalibai da yawa kan yi shiru, wasu kuma su yi murna sun kama addinin da tufka da warwara. Alhali an yi wannan tambaya tun a cikin littattafan nasu. Wani babarahame, wato ɗan ajin malaman addini na Indiya, mai suna Unnaba ya tari Ananda, almajirin Budda, a wani lambu a Kosambi, ya ce ba zai yiwu a kawar da so ta hanyar so ba. Ananda ya tambaye shi: kafin ka zo lambun nan, ba ka ji kana son zuwa ba? Ya ce ya ji. Da ka iso fa, wannan son bai kwanta ba? Ya ce ya kwanta. To haka son kaiwa ga ƙarshen hanya yake lafawa idan an isa. Ɗalibin da ya kawo wannan, ya kuma bambanta tanha, wato ƙishirwar da ke sake tasowa ko an sha, da canda, wato niyyar yin abu wadda kan iya zama ta alheri, ya gama da ni. In ya ƙara da cewa tanha iri 3 ce, ta jin daɗi, ta ci gaba da wanzuwa, da ta son gushewa, sai in ƙara masa. Ta ukun nan ita ce ke nuna cewa mai fatan ya ɓace daga duniya bai tsira daga tarkon ba a wurinsu.

Gaskiya ta huɗu ba ta da wuyar tambaya. A kawo rassa 8 na hanyar, a kasa su gida uku: hikima, ɗabi'a, da tattara hankali.

Abu guda ke damuna. Yawancin ɗalibanmu Musulmi ne ko Kirista, kuma wasu da an tambaye su sai su fara raddi tun kafin su faɗi abin da mutanen suka ce. Ina girmama kishin imaninsu, ni ma ina da nawa. Amma abin da ake aunawa a wannan zama shi ne ko za ka iya bayyana aƙidar wani yadda mai ita zai ji ya ce e, haka muke faɗa. Malamai, mu rubuta wannan ƙa'ida a saman takardar amsoshin gwaji, mu kuma ware wa tambayar bi-baya maki nata daban.